Yadda ake fassara allon shago daga hoto, a kuma nuna inda hoton ya yanke

Wata ranar Talata bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida a nan Garwa, arewacin Kamaru, sai ga saƙon kawuna ya shigo waya. Hoton allon wani shago ne a Kusiri, ga kuma muryarsa a ƙasa: "Ɗana, duba min wannan. Yaron motar da ya kai albasa ne ya ɗauko min, ya ce ya ga kamar suna sayar da kayan injin ban ruwa. In da gaske ne, kuma suna ba da sari, jibi zan kama hanya." Kawu ba ya karanta Faransanci, idonsa kuma ya daina ɗaukar ƙananan rubutu a waya. Daga Garwa zuwa Kusiri tafiya ce da ta haura kilomita 400, a bi ta Marwa da Mora. Ke nan abin da zan faɗa masa shi ne zai sa dattijo ya biya kuɗin mota ko ya zauna a gida.

Yaron ya ɗauki hoton ne daga cikin mota tana tafiya, shi ya sa gefen dama na allon bai shigo ba. Da wannan hoton zan nuna yadda nake yin aikin daga farko har ƙarshe, domin kusan duk tarkon da mai fassara ke faɗawa yana cikinsa.

Kafin ka karanta harafi ko ɗaya

Abu na farko, taɓa hoton ya buɗe gaba ɗaya. Wanda kake gani a cikin hira a WhatsApp sau da yawa tsakiyarsa ce kawai, gefuna suna ɓoye sai ka buɗe. Na sha ganin mutum ya ce "ai an yanke", alhali rubutun yana nan, bai taɓa hoton ba ne. Idan kuma rubutun ya yi dishi-dishi, ka roƙi wanda ya ɗauka da kansa ya sake turo maka ta hanyar `Document`, domin turawar yau da kullum tana matse hoto, ƙananan haruffa su narke. Hoton da ya bi ta hannu uku, wani ya ɗauko daga fuskar wayar wani, shi ne mafi wahalar karantawa, don haka a nemi na asali in ana iya samu.

Sannan ka nemi bakin allon a ɓangarori huɗu: sama, ƙasa, hagu, dama. Allon shago yana da iyaka da ake gani, ko katakon da aka zagaye shi da shi, ko layin fenti, ko inda kwanon ya ƙare bango ya fara. Duk gefen da ka ga iyakarsa, ka san ba abin da ya ɓace ta can. Gefen da ba ka ga iyakarsa ba, ka ɗauka akwai saura, ko da kalmar ƙarshe ta yi kama da cikakkiya. A hoton Kawu na ga bakin sama da na hagu da na ƙasa. Na dama babu.

Yi wannan tun kafin ido ya fara karatu, domin da zarar ka karanta kalma ta ba da ma'ana, zuciya ta kwanta, ba za ka ƙara tambayar ko akwai wani abu a bayanta ba.

Kwafe abin da ke jiki, ba abin da ya kamata a ce yana jiki ba

Ka ɗauki takarda da biro, ka kwafe rubutun layi bayan layi, cikin harshen da aka rubuta shi, kamar yadda mai fenti ya jera shi. Kada ka gyara masa kuskure a wannan matakin, kada ka cike komai. Inda hoton ya yanke, sa ɗigo uku a cikin baka biyu mai kusurwa. Ga abin da na kwafo. Sunan mai shagon da lambobinsa na rufe su da taurari, tunda ba nawa ba ne.

```
ETS ******* ET F[...]
QUINCAILLERIE GENE[...]
VENTE EN GROS ET D[...]
CIMENT - TOLES - FER A [...]
PIECES DETACHEES MOTO[...]
Tél : 6 ** ** ** [...]
```

A can ƙasa akwai layi guda na Larabci, zan zo kansa.

Dalilin kwafewa kafin fassara shi ne ya raba ido da zato. Wanda ya tsallake wannan mataki ya shiga fassara kai tsaye, bakinsa zai cike gurbin tun bai lura ba. Kuma idan ka bai wa wani takardar ya duba maka, zai ga daidai abin da ka gani, ba abin da ka yanke shawara a kai ba.

Akwai kuma batun alamomin da ake sawa a kan wasulan Faransanci. Masu rubuta allo da manyan haruffa galibi ba sa sa su, kamar yadda ka gani a `TOLES` da `PIECES DETACHEES`. Yawanci ba ya cutarwa, amma wani lokaci yana sauya magana: `SALE` ba alama yana nufin mai datti, `SALÉ` kuwa mai gishiri. Idan ka ga `POISSON SALE` a kasuwa, ka kwafe shi haka, a fassara kuma ka ce kifi mai gishiri, domin ba mai tallan kifinsa da datti.

Ɓacewa iri uku ce, kuma ba maganinsu ɗaya ba

Mutane kan haɗa komai su ce "ba ya fitowa". Ni nakan raba, saboda wanda zai koma wurin yana bukatar sanin abin da zai yi. Akwai abin da hoton ya yanke, wato yana jikin allon lafiya lau amma bai shigo ba. Maganinsa a ja da baya taku biyar a sake ɗauka. Akwai abin da wani abu ya tare, reshen darbejiya ko tampol na mai shayi ko babur da aka jingina. Maganinsa a matsa gefe. Akwai kuma abin da ya lalace a jikin allon kansa, rana ta cinye fentin, ko tsatsa, ko an manna takardar talla a kai. Wannan ko sau goma aka ɗauka ba zai fito ba, sai a shiga a tambayi mai shagon. Don haka a cikin bakan nakan rubuta dalilin da Hausa: [hoto ya yanke], [tampol ya tare], [fenti ya goge]. Kalma uku ce kacal, amma tana hana a aiki yaro ya sake ɗauko hoton abin da ba ya nan.

Yanzu sai a bi layukan ɗaya bayan ɗaya

Ba duk gurbi ne nauyinsa ɗaya ba. Ga kowane yanke tambayata guda ce: kalmomi nawa ne za su iya zama a nan? In ɗaya ce tak, na cike, amma na nuna cewa ni na cike. In biyu ne ko fiye, na lissafa su, ban zaɓa ba.

Layi na biyu shi ne mai sauƙi. `QUINCAILLERIE` shagon kayan gini da na ƙarfe ne, inda ake samun ƙusa, kwaɗo, fenti, bututu da makamantansu. `GENE` a bayansa ba abin da zai zama sai `GENERALE`, domin haka ake rubutawa a alluna daga Ngaundere har Kusiri. Sai na rubuta `GENE[RALE]`, abin da ke cikin baka nawa ne, na waje na allon ne. Fassara: shagon kayan gini iri-iri.

Layi na farko kuwa ba haka yake ba. `ETS` gajarta ce ta `Établissements`, wato dai kamfani ko gidan kasuwanci na wane. Shi sunan mutum ba a fassara shi, ba a kuma gyara rubutunsa. Idan an rubuta `Ousmanou` ko `Mahamat`, kada ka mayar da shi Usman ko Muhammadu a takardarka, domin wanda zai je neman shagon abin da ke jikin allo zai nema da idonsa, haka ma in zai tura kuɗi ko ya duba rasit. Amma `ET F`? Yana iya zama `ET FILS`, wane da 'ya'yansa maza, yana iya zama `ET FRERES`, wane da 'yan'uwansa. Dukansu sun cika gari. A nan na rubuta biyun, na ce ban ga ƙarshen ba. Wani zai ce meye a ciki. A kasuwa guda za ka iya tarar da shaguna biyu masu suna ɗaya, na uba da 'ya'yansa, da na ƙannensa da suka ware, kuma wannan kalmar ce kaɗai ke raba su.

Layi na huɗu ya tsaya a `FER A`, sai wani tsayayyen layi da ɗan lanƙwasa a samansa, rabin harafi ke nan. Rabin harafi shaida ce, kada a yar da ita, amma kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Wannan siffar tana iya zama B, tana iya zama R ko P. `FER A BETON` rodi ne, `FER A REPASSER` kuwa dutsen guga. Tunda maƙwabtansa a layin siminti ne da kwanon rufi, rodi ya fi kusa nesa ba kusa ba. Na rubuta "rodi", na sa alamar tambaya a baka, na ƙara da cewa daga maƙwabtansa na gane.

Layi na uku yana ɗaya daga cikin biyun da Kawu ya tambaya a kai. `VENTE EN GROS` sayarwa a sari ne, wannan ya fito sarai. `ET D` na iya zama `DETAIL`, ɗai-ɗai, ko `DEMI-GROS`, ƙaramin sari, irin na mai sayen katan biyu ko uku. A nan ne layin Larabci ya yi amfani.

Inda Larabci ke ceton Faransanci

Harsunan hukuma a Kamaru Faransanci ne da Ingilishi, a Cadi kuwa Faransanci da Larabci. Kusiri tana kallon Njamena, gadar Ngeli ce a tsakaninsu a kan kogin Logon, shi ya sa allo mai Faransanci da Larabci ba baƙon abu ba ne a can. Ga abin da ya kamata mai fassara ya riƙe: Faransanci yana tafiya daga hagu zuwa dama, Larabci daga dama zuwa hagu. Idan hoto ya yanke gefen dama, ya cinye ƙarshen layukan Faransanci amma farkon layukan Larabci. Abin da ya ɓace a wannan, sau da yawa yana nan a wancan.

A hoton Kawu layin ƙasa ya nuna بالجملة والتجزئة, farkonsa ya tafi da yankan. Kalmar farko da ta rage ita ce bil-jumla, a sari, kunnen Bahaushe ma ya san ta daga "jimla". Ta biyun, wat-tajzi'a, ita ce ɗai-ɗai. Ke nan `D` ɗin nan `DETAIL` ne, kuma yanzu ba zato nake yi ba, ina da shaida a jikin allon. A takardata na rubuta: sari da ɗai-ɗai, Faransancin ya yanke, Larabcin ne ya tabbatar.

Sai dai a yi hattara, ba kullum ne layukan biyu ke faɗin abu ɗaya ba. Wani allon Larabcinsa bisimilla ce kawai ko masha Allah, wani kuma sunan shagon na Larabci daban yake da na Faransanci, kamar a kira shi da albarka ko aminci a wannan, a kira shi da sunan mai shi a wancan. Don haka kowane harshe a fassara shi da kansa tukuna, sannan a gwada su. Kuma lambobi, ko a cikin layin Larabci suke, daga hagu zuwa dama ake karanta su. Idan da alƙaluman Larabci aka rubuta, ka tuna ٥ biyar ce ba sifiri ba, sifiri ɗigo ne ٠, sannan ٦ shida ce duk da ta yi kama da bakwai ɗin boko. A hoto mai dishi-dishi ɗigon sifirin nan shi ne ke fara ɓacewa, farashin 500 ya koma 50.

Kalmar da ta yi kama da cikakkiya

Layi na biyar shi ne wanda na fi daɗewa a kansa, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. `PIECES DETACHEES` kayan gyara ne, na inji ko na abin hawa. `MOTO` babur ne. Layin ya karantu tsaf: kayan gyaran babur. Mai gaggawa zai fassara haka ya wuce, bai san an yanke komai ba. Yaron mota kuma, da ya san abin da Kawu ke nema, idonsa ya cike masa `MOTOPOMPE`, injin ban ruwa. Mutum biyu, allo ɗaya, kowa ya ga abin da ke ransa.

Ta yaya za a gane ko akwai saura? Akwai dabara da ke aiki a yawancin allunan da aka rubuta da hannu. Masu fenti suna son su daidaita layi a tsakiya, ratar hagu ta yi daidai da ta dama. Idan ka gano tsakiyar allon, za ka iya ƙiyasta yawan abin da ya ɓace. A wannan allon an zana baro a sama, a tsakiya. Na ɗora bakin takarda a fuskar waya, na sauko da layi daga tsakiyar baron zuwa ƙasa. Ya ratsa layi na biyar tsakanin H da E na `DETACHEES`. Na ƙirga na hagu har da ratar da ke tsakanin kalmomi, na samu gurbi 13. Na ƙirga na dama, `EES MOTO`, gurbi 8. Ke nan kusan gurbi 5 sun tafi. Da `MOTO` ce ƙarshen layin, da tsakiya ta faɗo baya, wajen A na `DETACHEES`.

To an tabbatar akwai saura. Mene ne shi? `POMPE` haruffa biyar ne cif, kuma ba zan ɓoye ba, da na ƙirga raina ya yi daɗi, na so in kira Kawu in ce ya shirya. Amma karan ɗori da `VELO`, wato keke, su ma gurbi biyar ne. Rata da `AUTO`, mota, su ma biyar. Awon ya gaya min yawan abin da ya ɓace, bai gaya min ko mene ne ba. Kuma awo ne na ƙiyasi: harafin I siriri ne, M mai faɗi, mai fenti kuma yakan matse haruffan ƙarshe idan ya ga wuri zai ƙare masa. Idan an ɗauki hoton a karkace, gefen da ya fi nisa yana tsukewa, lissafin ya ƙara rauni. Ka ba shi sarari na harafi ɗaya ko biyu ta kowane ɓangare.

Sai na duba sauran allon ko akwai mai ba da shaida. Shagon kayan gini yana iya ajiye kayan injin ban ruwa, yana iya ajiye na babur da keke, duka biyun ana gani. Zanen da ke jiki baro ne da buhun siminti, ba inji. Larabcin bai ambaci kayan gyara ba sam. Ba shaida. Inda ba shaida, aikin mai fassara ya tsaya a lissafa abin da zai yiwu, ko da wanda ya aiko shi yana jiran amsa guda.

Lambar waya ba a cike ta

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Tun daga 2014 lambobin Kamaru alƙaluma 9 ne, na salula suna farawa da 6, ana kuma rubuta su 6 a ware sannan bibbiyu sau huɗu. A hoton na ga 6 da bibbiyu sau uku, alƙaluma 7. Biyu sun ɓace, wato lamba 100 ce za ta iya zama. Ba a gwada sa'a a kan wannan, balle a tura kuɗi.

Tarkon da ya fi wannan shi ne lamba mai alƙaluma 8 a garin iyaka. Tana iya zama ta Cadi cikakkiya, domin nasu 8 ne, a kira da `+235`. Tana iya zama tsohuwar lambar salula ta Kamaru a allon da ya girmi 2014, wadda sai an ƙara mata 6 a gaba, a kira da `+237`. Tana kuma iya zama sabuwa da hoto ya cinye mata alƙalami ɗaya. Ka duba yadda aka rarraba ta, ka duba ko bakin allon ya fito a bayanta, sannan ka rubuta yawan alƙaluman da ka gani. `BP` kuma da lamba a bayansa akwatin gidan waya ne, ba lambar kira ba.

Alamar hanya: ƙaramin allon da ke ƙasa

A alamar hanya abin ya fi haɗari, kuma a nan ni kaina na taɓa yin kuskure. Wani abokina direban babbar mota ya turo min hoton alama a mashigar wani gari: da'ira mai jan baki da zanen babbar mota a ciki. Na ce masa an hana manyan motoci shiga, ya nemi wata hanya. Ya yi zagaye mai nisa a kan hanyar ƙasa, ya ƙona mai, ya fasa taya. Daga baya ya gano akwai ƙaramin allo a ƙarƙashin da'irar mai ɗauke da sa'o'in hanin, kuma da ya jira dare da ya wuce abinsa. Da na koma na buɗe hoton, sai ga bakin saman ƙaramin allon nan, farin layi siriri a can ƙasa. Yana nan tun farko, ban neme shi ba. Har yau in na tuna abin yana damuna.

Tun daga ranar, a alamar hanya sandar nake fara bi da ido. In ban ga sandar ta sauko fili a ƙarƙashin alamar ba, nakan rubuta cewa ƙasan bai fito ba, mai yiwuwa akwai sharaɗi. Siffa da launi su ma ana fassara su, domin su ne rabin maganar: mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne, da'ira mai jan baki hani, da'ira shuɗiya umarni. Ƙaramin allon kuwa shi ke faɗin wa aka hana, yaushe, daga ina zuwa ina.

Akwai ƙananan kalmomi da in suka faɗa wajen hoto, maganar ta juye gaba ɗaya. `SAUF` yana nufin ban da, kamar `SAUF RIVERAINS`, ban da mazauna layin. `FIN` yana nufin ƙarshe, don haka `FIN DE DEVIATION` in aka yanke hagunsa sai ya koma kamar yanzu za a kauce hanya, alhali an dawo kan titi ne. `NON` a tsakiyar `EAU NON POTABLE` in reshe ya tare shi, ruwan da aka hana sha ya zama na sha. Wani wurin kuma Larabcin ba ya ceto. `STATIONNEMENT INTERDIT` kalmar haninsa tana dama, a ƙarshe. ممنوع الوقوف kalmar haninsa ita ma tana dama, a farko. Yanka guda a gefen dama ya kwashe hanin a harsunan biyu, ya bar maka "tsayawa" sau biyu, ka ɗauka wurin ajiye mota ne.

Sai waƙafi a cikin lamba. Faransanci da waƙafi yake raba cikakkiyar lamba da gutsurenta: `3,5 t` tan uku da rabi ne, `4,20 m` mita huɗu da santimita ashirin. A hoton da aka matse, waƙafin nan yakan ɓace, tan uku da rabi ya zama 35. In ka ga rata tsakanin alƙaluma biyu a alamar nauyi ko ta tsawo, ka faɗaɗa hoton ka nemi waƙafin, in bai fito ba ka faɗi cewa akwai rata a wurin.

Yadda ake miƙa amsar

A rubuce, nakan jera abu uku ga kowane layi: abin da ke jiki, fassararsa, da bayanin abin da ya ɓace. Amma yawancin masu turo mana irin wannan hoto da murya suke son amsa, kuma baka mai kusurwa ba ta da sauti. Dole ka faɗe ta da baki, a daidai wurin da take, ba ka tara duk shakkunka a ƙarshe ba, lokacin da mai sauraro ya riga ya ji abin da yake so ya ajiye wayar. Kuma ka fara da amsar tambayar da aka yi maka. Ga abin da na faɗa wa Kawu:

"Kawu, barkanku da yamma. Kada ku kama hanya tukuna. Hoton ya yanke gefen dama, kuma daidai wurin da kuke bukata ne ya yanke. Abin da na gani da idona: shagon kayan gini ne, akwai siminti da kwanon rufi, suna ba da sari suna kuma sayar da ɗai-ɗai, wannan na tabbatar. Sun rubuta suna da kayan gyara, sai kalmar moto, a nan hoton ya tsaya. Akwai saura kamar harafi biyar. Yana iya zama injin ban ruwa, yana iya zama babur da keke, yana iya zama babur da mota, ban gani ba. Lambar wayarsu ma biyu sun ɓace, ba za ta kiru ba. Ku sa yaron ya koma ya tsaya a tsallaken titi, ya ɗauko allon har a ga bango ta kowane gefe."

Ya kira ni nan take. "To kai a ganinka wanne ne?" Na ce, "Kawu, in na zaɓa muku ɗaya, ni na rubuta allon ke nan, ba mai shagon ba." Ya ɗan yi shiru, ya ce to Allah ya yi albarka, zai nemi yaron.

Washegari da hantsi sabon hoto ya shigo, an ɗauke shi a tsaye, bango ya fito hagu da dama. Layi na farko `ET FRERES` ne. Na huɗu `FER A BETON`. Na biyar ya ƙare da `MOTO-VELO`, haruffan ƙarshe a matse, mai fenti ya kusa rasa wuri. Lambar ta fito da alƙalumanta 9, Kawu ya kira ya tambaya ko suna ajiye kayan injin ban ruwa ko da ba su rubuta ba. Suka ce ba sa ajiyewa, suka kwatanta masa wani shago a layin da ke bayansu, yaron ya zagaya ya ɗauko hoton nasa allon.